Ramin SSH a madadin VPN: abin da yake rufewa da abin da yake bari a buɗe

"Assalamu alaikum, Malam. Aiki yana yawan kai ni tafiya, kuma a masauki dole nake hawa wai-fai ɗin da kowa ke hawa. Kwamfutata babu VPN a kanta, ba na kuma son saka wata sabuwar manhaja. Amma ina da ƙaramar saba ta Linux da nake shiga ta SSH. An ce mini zan iya bi ta cikinta in buɗe shafuka ba tare da masu layin sun ga abin da nake yi ba. Da gaske ne? Yaya ake yi, kuma ya kai VPN?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaske ne, kuma kayan aikin duk suna hannunka tun yanzu. Layi ɗaya za ka rubuta a taminal, ka gyara saiti ɗaya a burauza, shi ke nan ramin ya tashi. Linux da macOS suna zuwa da SSH a jikinsu, Windows 10 ma tun sabuntawar shekarar 2018 yake zuwa da shi, haka kuma Windows 11. Amma ina so ka riƙe abu guda tun daga farko, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: ramin SSH yana kare abin da ka tura cikinsa da hannunka ne kawai. VPN kan kama kusan duk abin da ke fita daga kwamfuta ba tare da ya tambayi manhaja ba. Rami kuwa sai manhajar ta san da zamansa, ta kuma yarda ta bi ta ciki. Mafi yawan waɗanda na ga sun yi amfani da shi ba daidai ba, a nan suka samu matsala: ramin yana aiki lafiya lau, amma rabin abin da suke son ɓoyewa yana bi ta gefensa.

Me mai layin yake gani tun farko?

Kafin a gina kariya ya kamata a san abin da ake karewa. A yau yawancin shafuka suna amfani da HTTPS, don haka mai wai-fai ba ya iya karanta kalmar sirrinka, ko saƙon da ka rubuta, ko ainihin abin da kake karantawa a cikin shafi. Wannan an riga an rufe shi tsakanin burauzarka da shafin. Abin da ya rage a fili shi ne inda ka je, kuma yana bayyana ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce DNS. Kafin burauza ta buɗe shafi sai ta tambayi lambar adireshinsa, kuma a bisa al'ada wannan tambaya tana tafiya a buɗe, ta ƙofa ta 53, zuwa na'urar da layin masaukin ya nuna maka. Ta biyu ita ce sunan shafin da burauza ke ambata a farkon gaisuwar TLS, wato tsarin da ke rufe bayanan HTTPS. Wannan suna shi ake kira SNI, wanda a mafi yawan lokuta shi ma a buɗe yake tafiya. Ta uku ita ce lambar IP ta inda kake magana da shi, da yawan bayanan da suka wuce, da lokacin da suka wuce. Wanda ya tara waɗannan uku zai iya cewa ka shiga bankin kaza da ƙarfe tara, daga nan ka leƙa shafin wani asibiti, ka daɗe a can. Bai karanta kalma ɗaya ba, amma ya san da yawa. Idan kuma ka buɗe tsohon shafi mai HTTP zalla, to komai a fili yake, har ma ana iya canza shafin a hanya kafin ya iso gare ka.

Da ramin SSH, duk wannan yana komawa abu ɗaya a idon mai layin: kwamfutarka ta buɗe haɗi guda zuwa lambar sabarka, bayanai rufaffu suna kai-komo. Yana ganin cewa SSH ne, yana ganin lambar sabar da yawan bayanan, amma sunayen shafuka sun ɓace masa.

Yadda ramin yake aiki

Tatu Ylönen ne ya rubuta SSH na farko a Finland a 1995, masu OpenBSD kuma suka fitar da OpenSSH a 1999, wanda shi ne kusan kowa ke amfani da shi yanzu. Haɗin SSH ɗaya yana iya ɗaukar hanyoyi da yawa a cikinsa lokaci guda. Taminal ɗin da ka saba gani hanya ɗaya ce kawai daga cikinsu. Idan ka ba shi zaɓin `-D`, shirin `ssh` da ke kwamfutarka yana zama furoksi irin na SOCKS, wato yana zaune a wata ƙofa ta cikin kwamfutar yana jira. Burauza ta zo ta ce masa tana son magana da shafi kaza a ƙofa ta 443. Shi kuma ya buɗe sabuwar hanya a cikin rufaffen haɗin, ya isar da buƙatar ga saba, sabar ta kira shafin a madadinka, ta riƙa dawo da amsa ta wannan hanyar. Shafin zai ga lambar sabarka, ba ta masaukin ba.

Ga umarnin da nake amfani da shi, bisa misalin cewa lambar sabarka ita ce 203.0.113.10 kuma sunan asusunka a kanta `suna`:

```
ssh -N -D 127.0.0.1:1080 -o ExitOnForwardFailure=yes -o ServerAliveInterval=30 suna@203.0.113.10
```

Kowane yanki yana da dalilinsa. `-N` yana cewa kada a buɗe maka wurin rubuta umarni a kan saba, rami kawai kake so. Saboda haka bayan ka shiga, taminal zai tsaya shiru ba tare da ya nuna komai ba, kuma wannan shirun alama ce ta cewa yana aiki. `-D 127.0.0.1:1080` shi ne furoksin. Lamba 1080 ita ce aka saba ba SOCKS, amma kowace lamba daga 1024 zuwa sama da ba a amfani da ita za ta yi. Ka kula sosai da `127.0.0.1` ɗin nan. Ma'anarsa ita ce kwamfutarka kaɗai ke iya shiga ƙofar. Furoksin da SSH ke buɗewa ba ya tambayar kalmar sirri, don haka idan ka rubuta `0.0.0.0` a wurin, kamar yadda wasu ke kwafowa ba su san me yake nufi ba, to duk wanda ke kan wai-fai ɗin zai iya fita intanet da sunan sabarka, kuma abin da ya aikata kai za a nema.

`ExitOnForwardFailure=yes` yana sa SSH ya fita nan take idan ya kasa buɗe ƙofar 1080, maimakon ya zauna a haɗe kana zaton akwai rami alhali babu. `ServerAliveInterval=30` kuma yana sa shi ya tuntuɓi saba duk bayan daƙiƙa 30 na shiru. Wannan yana hana na'urar masauki yanke haɗin don ta ga kamar ba a amfani da shi. Idan kuma layin ya mutu da gaske, bayan tuntuɓa 3 ba amsa, wato daƙiƙa 90, SSH zai fita ka gani da idonka.

Zaɓi biyu da za ka yawan gani a irin wannan umarni ni ba na saka su. `-C` yana matse bayanai, amma abin da HTTPS ya riga ya rufe ba ya matsuwa, sai dai kwamfuta ta yi wahalar banza. `-f` yana tura ramin ya koma aiki a ɓoye, kuma ni na fi son taga ɗaya a buɗe da zan duba in san ramin yana raye, in kuma kashe shi da `Ctrl+C` idan na gama.

Abin da za ka yi kafin ka bar gida

Akwai aikin da idan ka bari sai ka isa masauki, ka rage wa kanka rabin kariyar. Karon farko da ka haɗu da wata saba, SSH yana nuna maka zanen yatsan makullinta ya tambaye ka ko ka yarda. Da zarar ka ce `yes`, zai adana shi a fayil ɗin `known_hosts`, daga nan kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin shiga tsakani ya yi shigar sabarka za a gane shi. Amma idan wannan karon farkon ya faru a kan layin da ba ka amince da shi ba, kuma ka ce `yes` ba ka duba ba, to mai yiwuwa makullin wani ka karɓa. Saboda haka ka yi haɗin farko daga gida, da kwamfutar da za ka yi tafiya da ita. Idan kana son ka rubuta zanen yatsan ka ajiye, a kan saba ka buga:

```
ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub
```

Idan wata rana a masauki ka ga `WARNING: REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED!`, kuma ka san ba ka sake girka sabar ba, ka tsaya. Kada ka goge layin daga `known_hosts` don kawai gargaɗin ya tafi. Wani lokaci dalilin ba mugunta ba ce, na'urar masaukin ce ke tare haɗin, amma sakamakon ɗaya ne: wanda ke amsa maka ba sabarka ba ce. Ka gwada ta layin wayarka, idan can ya shiga lafiya to ka san inda matsalar take.

Abu na biyu shi ne ka shiga da makulli maimakon kalmar sirri. `ssh-keygen -t ed25519` zai haɗa maka shi, ka sa masa kalmar tsaro mai ƙarfi domin kwamfutar tafiya tana iya ɓata. A Linux da macOS, `ssh-copy-id suna@203.0.113.10` zai ɗora shi a saba. A Windows za ka kwafi abin da ke cikin fayil mai ƙarewa da `.pub` ka liƙa shi a `~/.ssh/authorized_keys` na sabar. Bayan haka, don kada ka riƙa rubuta dogon umarni kullum, ka zuba saitin a `~/.ssh/config`:

```
Host rami
  HostName 203.0.113.10
  User suna
  DynamicForward 127.0.0.1:1080
  ExitOnForwardFailure yes
  ServerAliveInterval 30
```

Daga nan `ssh -N rami` ya wadatar.

Burauza, da maganar DNS

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Na fi ba da shawarar Firefox idan kana da ita, saboda tana da saitin furoksi nata na kanta wanda bai shafi sauran kwamfutar ba. Ka shiga `Settings`, ka nemo `Network Settings`, ka zaɓi `Manual proxy configuration`. A gurbin `SOCKS Host` ka rubuta `127.0.0.1`, a `Port` ka rubuta `1080`, ka zaɓi `SOCKS v5`. Gurabun `HTTP Proxy` da `HTTPS Proxy` ka bar su babu komai. Mutane da yawa suna cika su da wannan lambar, sai shafuka su ƙi buɗewa, domin SSH ba ya jin irin wannan magana, SOCKS kawai yake ji.

Sannan ka tabbata akwai alama a akwatin `Proxy DNS when using SOCKS v5`. Wannan ƙaramin akwati shi ne bambanci tsakanin kariya da kamannin kariya. Tsarin SOCKS5, wanda aka wallafa a RFC 1928 a 1996, ya yarda burauza ta miƙa wa furoksi ko dai lambar IP ko kuma sunan shafin kansa. Idan ta miƙa suna, sabarka ce za ta yi tambayar DNS daga can, mai layin masauki bai ga komai ba. Idan kuwa lamba za ta miƙa, to dole ta fara samo lambar da kanta, wato ta tambayi na'urar masaukin a buɗe. A wannan hali shafukan suna wucewa ta rami, shafin duba IP yana nuna maka lambar sabarka, hankalinka ya kwanta, amma jerin sunayen duk inda ka je yana zuba a hannun wanda kake ɓoye wa. Kamar mutum ne ya rufe wasiƙa ya ba amintaccen ɗan aike, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar mutane da ƙarfi ina gidan wanda zai aika wa.

Idan Chrome ko Edge kake da su, ba su da irin wannan shafin saiti, suna bin na kwamfutar gaba ɗaya. Hanya mafi tsafta ita ce ka tashe su daga taminal da zaɓi na musamman:

```
google-chrome --user-data-dir=/tmp/rami --proxy-server="socks5://127.0.0.1:1080" --host-resolver-rules="MAP * ~NOTFOUND , EXCLUDE 127.0.0.1"
```

Sunan shirin da wurin ajiyar za su bambanta a Windows da macOS, amma zaɓin iri ɗaya ne. `--user-data-dir` yana da muhimmanci, domin idan akwai wata tagar Chrome a buɗe kuma ba ka saka shi ba, sabuwar tagar za ta manne wa tsohuwar ta yi watsi da furoksin ba tare da ta gaya maka ba. Zaɓi na ƙarshe kuma yana hana burauzar yin tambayar DNS da kanta, har da irin wadda take yi tun kafin ka danna mahaɗi don shafi ya yi saurin buɗewa.

Mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe

A ce ka isa masauki da dare, ka hau wai-fai. Mataki na farko, furoksi a kashe, ka buɗe burauza ka cika shafin shiga na masaukin, wanda ke neman lambar ɗaki ko ka danna ka yarda da sharuɗɗa. Kafin ka wuce wannan shafi, layin ba zai bar SSH ya fita ba, kuma idan ka riga ka kunna furoksi ba za ka ma ga shafin ba. Wannan shi ne dalilin da na fi yawan samu idan wani ya kira ni ya ce ramin ya ƙi tashi a otal.

Da intanet ya buɗe, ka duba lambar da duniya ke ganin ka da ita:

```
curl https://ifconfig.me
```

A Windows ka rubuta `curl.exe`. A ce ya nuna maka 198.51.100.77, wato lambar masaukin. Yanzu ka tashi ramin a wata taga, amma a wannan karon ka ƙara `-v` don ya riƙa ba ka labarin abin da yake yi: `ssh -v -N rami`. Ka koma tagar farko ka buga:

```
curl -x socks5h://127.0.0.1:1080 https://ifconfig.me
```

Amsar da kake jira ita ce 203.0.113.10. Harafin `h` da ke ƙarshen `socks5h` shi ne yake gaya wa `curl` ya miƙa suna ga saba. Idan ka cire shi, amsar za ta fito iri ɗaya, amma an yi tambayar DNS a masauki. Wannan ya nuna maka dalilin da ya sa duba IP kaɗai ba hujja ba ne.

Hujjar tana tagar SSH. Ka kunna furoksi a Firefox, ka buɗe `example.com`, ka rufe shafin, ka jira kaɗan. Duk lokacin da wata hanya ta rufe, SSH zai rubuta layi mai ɗauke da `listening port 1080 for` sannan abin da burauza ta nema. Idan ka ga `example.com port 443`, suna aka miƙa, DNS yana cikin rami. Idan ka ga lambar IP a wurin sunan, burauza ta samo lambar da kanta, sai ka koma ka duba akwatin nan. Ina son wannan gwaji saboda ba ya buƙatar wani shafi na waje ko wata manhaja, kuma abin da yake nuna maka shi ne abin da ya faru da gaske.

Gwaji na ƙarshe yana ɗaukar daƙiƙa kaɗan. Ka kashe ramin da `Ctrl+C`, ka sake loda shafin. Firefox za ta ce `The proxy server is refusing connections`. Haka ake so. Yana nufin idan ramin ya yanke da tsakar aiki, shafukan da kake buɗewa za su tsaya maimakon su koma ta buɗaɗɗen layi a ɓoye. Idan kuwa shafin ya buɗe lafiya bayan ka kashe rami, to tun farko ba ta ciki yake bi ba.

Idan ya ƙi

Saƙon da SSH ya rubuta kusan kullum yana faɗin inda matsalar take. `Address already in use` yana nufin wani abu ya riga ya zauna a ƙofar 1080, yawanci tsohon ramin da ka manta ba ka kashe ba. Ka kashe shi, ko ka koma 1081 ka gyara burauza daidai. `Permission denied (publickey)` yana nufin ka isa sabar amma ta ƙi makullinka, don haka layin masauki ba shi da laifi. `administratively prohibited: open failed` kuwa yawanci yana nufin ka shiga lafiya amma an hana tura haɗi a sabar. Ka duba `AllowTcpForwarding` a `/etc/ssh/sshd_config`. A asali a buɗe yake, amma wasu masu ƙarfafa tsaron saba suna mayar da shi `no`.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne `Connection timed out`, alhali shafuka suna buɗewa. Mafi yawanci layin ya toshe ƙofa ta 22. Maganinsa sai an shirya tun daga gida: idan sabarka ba ta ɗauke da shafin intanet a ƙofa ta 443, ka ƙara layin `Port 443` ƙarƙashin `Port 22` a `sshd_config`, ka cire alamar `#` idan tana gaban `Port 22` don kada ƙofa ta 22 ta rufe, ka buɗe ƙofar a katangar sabar, ka sake tayar da `sshd`, sannan ka haɗa da `-p 443`. Lokacin da kake wannan gyara ka bar tsohon haɗinka a buɗe har sai ka tabbatar sabon ya shiga, don kada ka kulle kanka a waje. Wannan dabara tana wuce layin da ke duba lambar ƙofa kawai. Layin da ke leƙa cikin bayanai zai gane cewa SSH ne, domin yana ambata sunansa a buɗe a farkon haɗi.

A nan zan tsaya in faɗi wani abu da nake ganin wajibi ne. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, ko layin na ofis ne ko na makaranta, toshe ƙofa ta 22 yana iya zama doka ce da aka kafa da gangan, kuma zagaye ta na iya jawo maka hukunci ko da niyyarka mai kyau ce. Ka tambayi masu kula da kwamfutocin tukuna. Ka kuma sani cewa a kwamfutar da ma'aikata ke sarrafawa, manhajar sa ido da ke cikin na'urar tana ganin abin da kake yi kafin ya shiga rami.

Inda bai kai VPN ba

Furoksin OpenSSH yana ɗaukar TCP ne kawai, ba ya ɗaukar UDP. Ga buɗe shafuka wannan ba matsala ba ce, domin burauzar da aka sa wa furoksi tana komawa TCP da kanta. Amma kiran murya da na bidiyo a cikin burauza suna amfani da WebRTC, wanda ya fi son UDP, kuma yana iya fita kai tsaye ta layin masaukin ya bar ramin a gefe. Ta haka shafi zai iya gano lambar inda kake da gaske. A Firefox, idan ba ka buƙatar kira, ka buɗe `about:config` ka mayar da `media.peerconnection.enabled` zuwa `false`, ka dawo da shi idan ka gama.

Sauran manhajojin kwamfutar kuwa ba su san da ramin ba. Manhajar imel, manhajar hira, mai daidaita fayiloli da ma'ajiyar intanet, sabuntawar tsarin kwamfuta, duk suna fita ta layin masaukin kamar kullum. Yawancinsu suna rufe bayanansu da TLS, amma inda suke zuwa a fili yake. Wasu suna da gurbin SOCKS da za ka iya cikawa, wasu ba su da shi. Akwai `sshuttle`, wanda ke tura TCP na kwamfutar gaba ɗaya ta cikin SSH a Linux da macOS, amma sai an girka shi kuma yana buƙatar izinin mai gudanarwa, ka ga an fita daga sauƙin da kake nema.

Game da sauri, abu biyu ne ke tasiri. Na farko nisa. A ce zuwa da dawowa tsakaninka da shafi kai tsaye milisakan 40 ne, amma sabarka tana nisan 120 daga gare ka, shafin kuma 20 daga gare ta. To kowace kai-komo ta zama 140, kuma buɗe shafi ɗaya yana buƙatar kai-komo da dama, don haka za ka ji nauyin. Na biyu, duk shafukanka suna cikin haɗin TCP ɗaya ne. Idan wai-fai mai rauni ya zubar da ƙunshin bayani guda, dukkan hanyoyin suna jira har a sake aiko shi, shi ya sa sauke babban fayil a taga ɗaya yake iya daskarar da sauran. VPN irin su WireGuard suna tafiya kan UDP, ba su da wannan matsala, kuma suna ci gaba idan ka sauya daga wani layi zuwa wani. Ramin SSH kuwa yana mutuwa idan lambarka ta canza ko kwamfuta ta yi barci, sai ka sake tayar da shi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ka mayar wa amanarka. Abin da mai masauki ya daina gani, kamfanin da ka yi hayar saba a wurinsa yana iya gani: sunayen shafuka, lokuta, da duk abin da ke HTTP zalla, domin rufin SSH yana ƙarewa a sabar. Kuma lambar sabar taka ce kai kaɗai, an yi rajistarta da sunanka, don haka ramin ba ya ɓoye ko wane ne kai ga shafukan da kake ziyarta ko ga hukuma. Za ka kuma lura wasu shafuka suna ƙara tambayar ka ka tabbatar kai mutum ne, banki ma yana iya neman ƙarin tabbaci, saboda sun ga lambar cibiyar saba ko ta wata ƙasa dabam.

Ga irin buƙatarka, wato awa ɗaya ko biyu a masauki kana duba imel ta burauza da shafukan aiki, ramin ya isa, matuƙar ka yi haɗin farko daga gida, ka ga sunan shafi a tagar `-v`, ka kuma ga burauza ta tsaya lokacin da ka kashe shi. Idan kuwa kana son kiran bidiyo da manhajar imel da wayarka duk su shiga kariya, ko kana zama a layukan baƙi kwana da kwanaki, to ka girka WireGuard a kan wannan sabar taka, ka bar `ssh -N rami` don ranar da ka samu kanka da kwamfutar da babu shi a kanta.